Ma'aunin Sharpe da na Sortino: yadda ake auna dabarar da ke yin babbar asara jefi-jefi

Ma'aunin Sharpe da ma'aunin Sortino lambobi ne biyu da masu kula da dukiyar jama'a ke amfani da su wajen kwatanta dabarun zuba jari. Tambaya ɗaya suke ƙoƙarin amsawa: ribar da aka samu ta kai a jure haɗarin da aka shiga dominta? Inda suka rabu shi ne abin da kowannensu ke kira haɗari. A mafi yawan lokuta wannan rabuwar ba ta da wani tasiri, domin dabarar da ɗaya ya fifita ita ɗayan ma yake fifitawa. Amma idan ɗaya daga cikin dabarun irin wadda ke kawo 'yar riba wata bayan wata ce, sannan rana ɗaya ta tafka asara mai girma, to ma'aunan biyu suna iya yin hannun riga, kuma akwai yanayin da dukkansu suke ɓatar da mai kuɗi.

William Sharpe, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, shi ya fito da ma'auni na farko a shekarar 1966, a wani nazari da ya yi kan asusun zuba jari na haɗin gwiwa. Daga baya, a 1990, ya sami kyautar Nobel tare da Harry Markowitz da Merton Miller. Lissafin nasa mataki uku ne. Ana ɗaukar matsakaicin ribar da dabara ta kawo, a cire ribar da mutum zai samu ba tare da ya shiga haɗari ba, wato irin wadda takardun bashin gwamnati na gajeren zango ke bayarwa, sannan a raba abin da ya rage da gwargwadon tangal-tangal ɗin ribar. Tangal-tangal a nan yana nufin yadda ribar kowane wata ke yin nesa da matsakaici, ko ta sama ko ta ƙasa. Wannan "ko ta sama ko ta ƙasa" shi ne tushen maganar. A wurin Sharpe, watan da riba ta yi tsalle ta wuce yadda aka saba, da watan da aka faɗi ƙasa da yadda aka saba, duk laifinsu ɗaya.

Mai kuɗi kuwa ba haka yake ji a ransa ba. Ba wanda ya taɓa kai ƙarar dillalinsa don riba ta yi yawa. Markowitz kansa ya yi maganar auna ɓangaren faɗuwa kaɗai a littafinsa na 1959, sai dai lissafin ya yi wa na'urorin wancan zamani nauyi. Frank Sortino, malami a jami'ar jiha da ke San Francisco, shi ya raya wannan tunani a rubuce-rubucensa na farkon shekarun 1990, har ma'aunin ya ɗauki sunansa. A tsarin Sortino, mai kuɗi ne ke shata layi: ga mafi ƙarancin ribar da zai yarda da ita. Duk watan da ya kai layin ko ya wuce shi, ana rubuta masa sifili a lissafin haɗari. Watannin da suka gaza kaɗai ake tuhuma, kuma gwargwadon gazawarsu.

Misali da asusu biyu

A ɗauka akwai asusu biyu, A da B, kuma an zuba naira miliyan ɗaya a kowannensu na tsawon shekara guda. Alƙaluman an tsara su ne don sauƙin lissafi. Asusun A yana kawo ribar kashi 3 cikin ɗari a wata goma sha ɗaya, sannan a wata guda ya yi asarar kashi 9. Asusun B yana asarar kashi 1 a wata takwas, amma a wata huɗu yana cin ribar kashi 8. Wanda ya riƙe A zai kwana da daɗin rai kusan shekarar gaba ɗaya, wanda ya riƙe B kuwa zai sha ganin kuɗinsa na zagwanyewa kaɗan-kaɗan kafin wata mai albarka ya zo.

Matsakaicin ribarsu ɗaya ne. Na A, 33 a cire 9 ya bar 24, a raba wata goma sha biyu ya zama kashi 2 a wata. Na B, 32 a cire 8 shi ma 24 ne, wato kashi 2 a wata. Ko a aljihu ma ba wani bambanci mai yawa: a ƙarshen shekara miliyan ɗaya ta A ta zama kusan naira 1,260,000, ta B kuma kusan 1,255,000. A ɗauka ribar da ba haɗari kashi 1 ce a wata, kuma ita ce layin da mai kuɗin ya shata. Rarar kowane asusu ke nan kashi 1 a wata. Saman lissafin ya zama ɗaya, duk abin da zai raba su yana ƙasa, a wurin auna haɗari.

A fara da Sharpe. A asusun A, kowane wata mai kyau yana nesa da matsakaici da maki 1, wato tazarar 3 da 2. Ana ninka kowace tazara da kanta, don haka wata goma sha ɗaya sun ba da 11. Watan asara kuwa yana nesa da matsakaici da maki 11, daga 2 har zuwa 9 ƙasa da sifili, kuma 11 sau 11 ya ba da 121. Jimla 132, a raba 12 ya zama 11. Sai a nemo saiwarsa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 11, ita ce kusan 3.32. Rarar kashi 1 a raba da 3.32 ya ba da Sharpe na 0.30.

A asusun B, watannin asara takwas kowanne yana nesa da matsakaici da maki 3, wanda in an ninka da kansa 9 ne, jimla 72. Watanni huɗu na riba kowanne yana nesa da maki 6, wato 36 sau huɗu, 144. Jimla 216, a raba 12 ya zama 18, saiwarsa 4.24. Sharpe na B ya tsaya a 0.24. Bisa wannan ma'auni A ne ya yi nasara. Amma a dubi inda 216 ɗin ya fito: kashi biyu bisa uku nasa, wato 144, daga watannin da B ya ci riba mai tsoka ne. An hukunta shi ne kan abin da mai kuɗi ke addu'ar samu.

Yanzu Sortino. A asusun A wata ɗaya ne kawai ya gaza layin kashi 1, kuma ya gaza da maki 10. In an ninka 10 da kansa ya ba da 100, a raba 12 ya zama 8.33, saiwarsa 2.89. Sortino na A ke nan 0.35. A asusun B wata takwas ne suka gaza, kowanne da maki 2, wato 4 sau takwas, 32. A raba 12 ya zama 2.67, saiwarsa 1.63, Sortino kuma 0.61. Hukunci ya juye, B ya wuce A da tazara mai faɗi. Dalilin shi ne ninka lamba da kanta yana sa asara ɗaya babba ta fi tarin ƙanana nauyi. Gazawar maki 10 sau ɗaya ta ba da 100, alhali gazawar maki 2 har sau takwas, wadda jimlarta 16 ce, ta ba da 32 kacal.

Ga wanda ke son gwadawa a Excel, idan ribar wata goma sha biyu tana cikin B2 zuwa B13 a matsayin lambobi irin su 3 da -9, layi na farko Sharpe ne, na biyu Sortino:

```
=(AVERAGE(B2:B13)-1)/STDEV.P(B2:B13)
=(AVERAGE(B2:B13)-1)/SQRT(SUMPRODUCT((B2:B13<1)*(B2:B13-1)^2)/COUNT(B2:B13))
```

Alƙaluman da ke sama na wata ne. Kamfanoni sukan wallafa na shekara, ta hanyar ninka na wata da saiwar 12, kusan 3.46. Da haka Sharpe na A zai zama 1.04, na B kuma 0.82. Dole a tabbatar ba a ajiye lambar wata kusa da ta shekara ana kwatanta su ba.

Wanne za a gaskata?

Idan damuwar mai kuɗi ita ce kada ya wayi gari ya tarar da babban giɓi, to a wannan misali Sortino ya fi faɗa masa gaskiya. Mai fansho da ke cire kuɗin cefane kowane wata, ko ɗan kasuwan da zai buƙaci jarinsa a ranar da bai zaɓa ba, asarar kashi 9 a wata guda ta fi masa ciwo fiye da 'yan asarori da ya saba da su. Sharpe yana aiki sosai idan hawa da saukar riba sun yi kusan daidai a ɓangarorin biyu. Inda suka karkata gefe ɗaya, kamar a waɗannan asusu biyu, yana rage wa mai tsallen riba daraja, yana kuma sassauta wa mai faɗuwar bazata.

Akwai amfani a ajiye lambobin biyu tare, domin tazarar da ke tsakaninsu labari ce da kanta. Idan hawa da sauka sun daidaita, kuma matsakaici bai yi wa layi nisa ba, Sortino yakan kai kusan ninki ɗaya da rabi na Sharpe, saboda rabin tangal-tangal ɗin kawai yake ƙirgawa. A asusun B ya ninka Sharpe fiye da sau biyu da rabi, alamar cewa yawancin motsin na sama ne. A asusun A kuwa 0.35 da 0.30 sun kusa haɗuwa. Duk inda aka ga Sortino ya matso kusa da Sharpe haka, to kusan duk tangal-tangal ɗin asusun faɗuwa ce. Ba a kwatanta Sortino na wani asusu da Sharpe na wani, don ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba.

Lissafin Sortino yana da wuraren tuntuɓe guda biyu da ake yawan faɗawa. Na farko shi ne raba jimla da yawan watannin asara maimakon yawan watanni duka. In an yi haka, 100 na A za a raba shi da 1, Sortino ya faɗo zuwa 0.10, na B kuma 32 a raba 8, ya zama 0.50. Illar wannan hanya ita ce tana jefar da bayani kan yawan aukuwar asara: asusun da ya gaza sau ɗaya a shekara goma da wanda ke gazawa kowane wata sai su sami haɗari iri ɗaya muddin girman gazawar ɗaya ne. Na biyu ya fi muni, shi ne a ware watannin asara a auna nisansu da matsakaicin kansu. Watanni takwas na B duk asarar kashi 1 ce, ba su bambanta da juna ba, sai lissafi ya ce haɗarinsa sifili ne. Ana auna nisa ne daga layin da aka shata. Shi kansa layin yana canja sakamako: da sifili aka ɗauka a maimakon kashi 1, da Sortino na A ya zama 0.77, na B kuma 2.45. Saboda haka lambar Sortino da aka wallafa ba tare da an faɗi layinta ba, ba ta da amfani wajen kwatantawa. Wanda ke guje wa kuɗin ruwa yana iya ɗaukar ribar sukuk a matsayin layinsa, irin wanda gwamnatin Najeriya ta fara fitarwa a 2017, lissafin bai canja ba.

Asarar da ba ta zo ba tukuna

Duk abin da ya gabata ya dogara ne kan abu ɗaya: watan asarar A yana cikin tarihin da aka auna. A nan ne babbar matsalar take, kuma Sortino bai warware ta ba. A ɗauka an duba A ne a lokacin da bai taɓa faɗuwa ba, ribarsa tana yawo tsakanin kashi 2 da kashi 4, wata wannan wata wancan. Matsakaici 3 ne, tangal-tangal 1, rara 2, Sharpe na wata ya zama 2, lambar da ba kasafai ake ganinta a kasuwa ba. Sortino kuwa ba zai ma lisaftu ba, domin ba watan da ya gaza layi, ƙasan lissafin sifili ne. Idan wata ɗaya ya ɗan gaza da ƙyar, sai a sami wata lamba mai girman gaske da za ta yi kyau a takardar talla. Wato ma'aunin da aka ƙirƙira don kama faɗuwa shi ya fi ruɗuwa idan faɗuwar ba ta bayyana ba, saboda gaba ɗayansa ya rataya ne a kan 'yan watanni kaɗan marasa kyau. Kamar mai sayen gida a bakin kogi ne da ya je dubawa da rani: duk abin da ya auna daidai ne, ambaliyar ce kawai ba ta cikin abin da ya gani.

A sake fasalin A ya zama mai tsanani. Yana kawo kashi 3 kowane wata, amma a kowane wata akwai yiwuwar ɗaya cikin 60 ya yi asarar kashi 60, wato kusan sau ɗaya a shekara biyar. Yiwuwar a yi shekara uku cur ba a ga wannan asara ba ta kai kusan kashi 55 cikin ɗari. Ma'ana, fiye da rabin masu tafiyar da irin wannan dabara za su iya nuna tarihin wata 36 da ba tabo ko ɗaya, ba don sun fi kowa iyawa ba. Idan kuwa aka auna wata 60 da asarar a ciki, matsakaici ya sauko zuwa kashi 1.95, Sharpe ya zama 0.12, Sortino ma 0.12. Wanda ya shiga ana gobe faɗuwar, miliyan ɗayansa ta koma naira 400,000. Yana buƙatar ribar kashi 150 kafin ya dawo inda ya fara, kuma a kan kashi 3 a wata hakan zai ci wata 31, in wata faɗuwar ba ta riske shi a hanya ba. Babu ɗaya daga cikin ma'aunan biyu da ke nuna wannan, domin ba ruwansu da jerin yadda watanni suka zo ko tsawon lokacin farfaɗowa.

Irin wannan fasali ba na kan takarda ba ne kawai. Ana samunsa a duk dabarar da asalinta sayar da inshora ne, ko an kira ta da wannan suna ko ba a kira ba: ana karɓar ɗan kuɗi a kai a kai a madadin ɗaukar nauyin bala'in da ba ya yawan faruwa. Takardar jari mai suna XIV, wadda bankin Credit Suisse ya fitar, tana samun riba ne muddin kasuwar hannun jarin Amurka na kwance lafiya. A 2017, shekarar da kasuwar ta yi lumui, darajarta ta ninka fiye da sau biyu. Ranar 5 ga Fabrairu 2018 ma'aunin fargabar kasuwa da ake kira VIX ya ninka a yini ɗaya, takardar ta rasa sama da kashi 90 na darajarta, bankin kuma ya rufe ta a cikin watan. Wanda ya lissafa Sharpe ko Sortino ɗinta na 2017 zai ga lambobi masu ban sha'awa.

Canjin kuɗi ma yana haifar da wannan. Daga farkon 2015 zuwa tsakiyar 2016 farashin dala a hukumance a Najeriya ya tsaya a wajen naira 197 zuwa 199. Mai dala da ya canja ta ya sayi takardun bashin gwamnati na naira yana ganin riba tana shigowa ba motsi, domin farashin canjin a daskare yake. Da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin a watan Yuni 2016, dala ta haura naira 280, darajar jarin a lissafin dala ta ragu da kusan kashi 30 a tashi ɗaya. Rashin motsin da aka gani a baya tsarin hukuma ne ya kawo shi, haɗarin yana nan yana taruwa, kuma tazarar da ke tsakanin farashin hukuma da na kasuwar bayan fage tana nuna shi tun kafin lokacin.

Abin da ake dubawa bayan lambobin

Hanyar gane irin wannan dabara ba a cikin ma'aunan take ba, a tambayar inda ribar ke fitowa take. Idan amsar ita ce sayar da kariya ga wasu, ko ciyo bashi mai araha a zuba a abin da ke biyan ƙari kaɗan, ko dogaro da cewa wani farashi zai ci gaba da tsayawa inda hukuma ta ajiye shi, to santsin ribar bai kamata ya kwantar da hankali ba. Bashi yana ƙara tsananta lamarin: wanda ya juya ninki biyar na jarinsa, faɗuwar kashi 20 ta isa ta share jarin baki ɗaya, alhali Sharpe kusan ba ya canjawa da ƙarin bashi, tunda riba da tangal-tangal tare suke ninkuwa. Haka kuma kadarar da ba a saye da sayar da ita kullum, wadda mai asusun ne ke ƙiyasta darajarta, takan nuna tangal-tangal kaɗan saboda farashin da aka rubuta ba na ciniki ba ne.

Daga nan sai a duba tarihin da kansa, wata-wata, ba taƙaitawarsa ba. A nemi wata mafi muni, da faɗuwa mafi zurfi daga ƙololuwa zuwa ƙasa, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a farfaɗo. A tambaya ko tarihin ya ratsa lokacin tashin hankali, irin rikicin kuɗi na 2008 ko watan Maris na 2020, domin shekara uku ta zaman lafiya ba ta gwada dabarar da faɗuwarta ke zuwa sau ɗaya a shekara biyar. Gwaji mai sauƙi shi ne a ƙara wata ɗaya na ƙirƙira a ƙarshen jerin, a sa masa asarar da tsarin dabarar zai iya jawowa in abubuwa sun lalace, a sake lissafi. In an ɗauki wata 36 na riba tsakanin kashi 2 da 4 aka ƙara musu wata ɗaya na asarar kashi 60, Sharpe zai faɗo daga 2 zuwa kusan 0.03. Asusun B kuwa, wanda ya riga ya nuna munanan watanninsa a fili, ƙara masa wani watan asarar kashi 1 ko 2 ba zai motsa lambobinsa sosai ba, kuma wannan bambancin ya kamata ya shiga hukunci kafin a zaɓi inda za a ajiye kuɗi da kuma nawa za a ajiye.